Karan Awon Masu Rai

Duk wanda ya yi kolej a Tasawa a shekarun da gyaɗa ke tashe, ka ce masa "Mushe Alkasim", wato Malam Alkasim a bakin 'yan makarantar Faransanci, sai ka ga ya naɗe hannu ya taɓa ƙwanjinsa kafin ma ya amsa maka. Ba da gangan yake yi ba. Mutumin ne ya bar musu wannan ɗabi'a, kuma har suka yi furfura ba ta sake su ba.

Alkasim ɗan wani ƙauye ne kusa da Cake, cikin ƙasar Mayahi. Yana da shekara bakwai aka zo neman yaran lakwal, wato makarantar boko, maigari ya duba gidan da ba za a yi masa gardama ba, ya nuna na su Alkasim. Daga nan sai Mayahi, sai Maraɗi, sai makarantar malamai a Tawa. Shekara goma sha biyar yana hannun makaranta, gida sai hutu, hutun ma rabinsa a hanya yake ƙarewa. Ya dawo da Faransanci kamar ruwa a bakinsa, ya san sunan kowane ƙashi na jikin ɗan Adam, amma abubuwa da yawa da yaron ƙauye ke sani tun kafin ya yi wayo, shi ko labarinsu bai ji ba. Ku riƙe wannan, don nan gizo ke saƙar.

A shekara ta bakwai da samun mulkin kai aka ɗauko shi daga ƙaramar lakwal aka kawo shi wata sabuwar kolej a Tasawa, ya koyar da ilimin halitta da motsa jiki. Aro aka yi, ba kyauta ba. Dirakta, wani dattijo mutumin Dahomai mai sanyin magana, ya gaya masa tun ranar farko: sufeto zai zo daga Maraɗi bayan kaka, ya zauna ya ga darasi guda. In ya gamsu, Alkasim ya zauna daram a kolej. In bai gamsu ba, a mayar da shi inda aka ɗauko shi, ya ci gaba da koyar da baƙaƙe. Shi kuwa Alkasim, wallahi da a raba shi da darasin jikin mutum gara a raba shi da abincin rana. Son abin yake har cikin ransa.

To, kayan aiki fa? Hoto guda ne a kalas, na mutum ba fata, kuma gara ta riga kowa yin karatu a kansa, ta cinye shi daga ƙugu har ƙasa. Alkasim ya tsaya gaban hoton nan, ya dubi yara talatin da takwas da ke zaune suna hamma, sai ya tafa hannu.

"Ku tashi! Kowa waje! Me za mu yi da mutumin takarda, ga talatin da takwas masu rai?"

Haka aka koma gindin gawon da ke bayan kalas, kuma nan ne Tasawa ta fara jin hayaniyar da ba ta saba ji daga makaranta ba. Ya raba su biyu-biyu, maza da maza, 'yan matan nan shida su ma junansu. Ɗaya ya riƙe wuyan hannun ɗan'uwansa ya danne, ɗayan ya yi ƙoƙarin naɗo hannun kamar mai jan guga daga rijiya, mai riƙon kuma ya ɗora ɗaya tafin a gaban damtse.

"Me ka ji, Danda?"

Danda, wani gajeren yaro mai bakin tsiya, ya zaro ido. "Mushe, wani abu ya kumburo! Ya yi tauri!"

"Sunansa biceps. Shi ke naɗe gwiwar hannu. Yanzu Gazali, tura hannun ƙasa, miƙe shi da ƙarfi, kai kuma Danda hana shi. Taɓa bayan damtsen."

"Ya koma baya, Mushe! Na gaban ya yi laushi!"

"Bai koma ko'ina ba, wani ne daban. Triceps ke nan, shi ke miƙewa. Tsoka ba ta turi, ja kawai ta iya. Shi ya sa Allah ya yi su biyu-biyu, in wannan ta ja waccan ta saki."

Kai, ranar nan kowa ya zama ɗan kokawa! Aka zauna bisa kututture ana miƙe ƙafa, abokin aiki na jin yadda gaban cinya ke tauri. Aka tsaya da ƙafa ɗaya ana kai diddige wajen ɗuwawu, ana jin bayan cinya. Aka yi ɗage bisa yatsu, ana lalubar sha-raɓa da agarar da ta sauka zuwa diddige. Biba, babbar 'yan matan, ya sa ta kwaikwayi daka ba taɓarya, abokiyarta ta dafa mata kan kafaɗa don ta ji tsokar da ke ɗaga hannu. Ya ce kowa ya zana da'ira a iska da hannu miƙe, ya zanu. Ya ce to a riƙe damtse gam a jikin haƙarƙari, a kai gwiwar hannu baya ko gefe. Aka yi ta fama, ta ƙi. Ya ce to kun gani: kafaɗa da ƙugu kamar kan taɓarya ne cikin turmi, ko'ina suna juyawa, gwiwar hannu da ta ƙafa kuwa ƙyaure ne, buɗe da rufe kawai suka sani.

Mako biyu ana haka, yaran da a da sai an kora su da tsumagiya suka koma riga shi zuwa gindin gawo. Alkasim ya ji kansa ya yi girma. Sai takarda ta iso: sufeto na zuwa ranar Alhamis ta sama. Murna ta hana shi zama, ya shiga tunanin abin da zai ƙara wanda ba a taɓa gani ba. Yana tafe gefen gari ya ga karan gero jibge a gonaki, an gama girbi, dogaye, miƙaƙƙu, ba mai so. Nan take dabara ta faɗo masa, kuma da ma ta faɗa rijiya.

Ranar Asabar da safe ya sa aka kwaso kara dami biyu. Ya ce kowane yaro ya kwanta a ƙasa, ya miƙe sambal, hannuwa a gefe. Abokinsa ya shimfiɗa kara a jikinsa daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke daidai tsawonsa, sannan ya yi tsaga da wuƙa a kowace gaɓa: idon sawu, gwiwa, ƙugu, kafaɗa, wuya. Da wani guntun kara kuma a auna hannu, a tsaga kafaɗa da gwiwar hannu da wuyan hannu.

Gindin gawo ya yi tsit. Yaran da kullum sai ya ce su rage murya, yau ko tari babu. Biba ta ce kanta na ciwo, ta koma gefe ta rufe fuska da kallabi, sauran 'yan matan suka bi ta. Gazali ya kwanta ya rintse ido, Danda na auna shi. Shi kuwa gwanin naku yana zagayawa yana ta murmushi, wai yau yara sun natsu! A wancan zamani ba a yi wa mushe gardama, Hausa kuma haramun ce a harabar makaranta, su kuwa ba su da Faransancin da zai ɗauki abin da ke bakinsu. Da aka gama ya ce kowa ya tafi da karansa gida, ya haddace gaɓoɓin, ya nuna wa iyaye abin da ake koyo a kolej.

Masu wayo suka yar da nasu a bayan gari. Gazali ba ya saɓa umarni. Ya saɓa karansa a kafaɗa har ƙauyensu Maijirgi, ya jingine shi a zauren kakansa, kuma kafin la'asar ta Lahadi zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ranar Litinin yara tara Alkasim ya tarar. Tara, cikin talatin da takwas! Ya tambaya, aka sunkuyar da kai. Sai da ya ja Biba gefe ya ce mata da Hausa, ya yafe mata dokar, ta faɗa masa ko mene ne, sannan ta ɗago.

"Mushe, gawa ake yi wa haka. In mutum ya mutu, shi ake aunawa da kara a kai wa masu gina kabari. Kuma karan ba ya dawowa gida."

Alkasim ya zauna bisa kututturen nan. Inna lillahi! Yara talatin da biyu ya shimfiɗe a ƙasa ya sa aka yi musu awon kabari, ya kuma aika da karan gidajen iyayensu. Labari ya riga ya bi layin awon gyaɗa, inda mutanen kowane ƙauye ke haɗuwa da buhunansu, kuma kafin ya kai garin Hawandawaki an ce mushen kolej ya auna yara arba'in, ɗaya har ya fara tafiya. Iyaye suka aiko aka kwashe 'ya'yansu daga gidajen da suke sauka. Wasu don tsoro ne tsakani da Allah, wasu kuwa da ma hannu suke nema a wajen ɓarzar gyaɗa, abin nema ya samu.

Dirakta ya saurare shi har ya gama, ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi baƙo ne, bai san wannan al'ada ba, da ya hana. Amma sufeto ba zai duba darasi a kalas na mutum tara ba, kuma ba zai sake zuwa bana ba. Saura kwana uku.

Alkasim bai tsaya cin abinci ba. Ya hau kekensa ya nufi Maijirgi, inda yashi ya yi yawa ya sauka ya tura, inda ya yi ƙarfi ya hau. Ya isa bayan azahar, rigarsa sharkaf, ya tambayi gidan su Gazali. Yaron da ya nuna masa ya ce, "Gidan Na Allah mai wankan gawa?" Alkasim ya ce a ransa, to, yau kam na kawo kaina.

Na Allah na zaune a ƙofar zaure da mutane biyar-shida, tsoho ne baƙi, ƙanƙane, busasshe, idonsa kamar na shaho. Shekara arba'in duk wanda ya mutu a unguwar nan shi ke wanke shi, shi ke auna shi. Karan Gazali na kwance a gabansa. Alkasim ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa. Tsohon ya bar shi a durƙushe har gwiwarsa ta fara zafi.

"Kai ne mushen da ke riga Mala'ika aiki?"

"Ni ne mai laifin, Baba. Ban sani ba."

"Ba ka sani ba! Ƙato da kai, da gemu? Kai ɗan ina ne?"

"Ɗan ƙasar Mayahi ne, wajen Cake."

"Mutanen Cake ba su mutuwa? Ba ka taɓa raka kowa kushewa ba?"

Alkasim ya ce, "Ko ubana ban raka ba, Baba. Ina Tawa ya rasu. Takarda ta iske ni bayan kwana ashirin. Da na zo, tudun ƙasa aka nuna mini."

Wani daga cikin mutanen ya ce, "Allah sarki." Na Allah ya kawar da kai, ya daɗe yana kallon bangon zaure, sannan ya tura masa gefen tabarma da ƙafa.

"Zamna. Allah shi jiƙan shi. Lakwal ta ba ka, ta kuma amshe maka."

Alkasim ya tambayi jikin Gazali. Aka ce masassarar kaka ce, kawunsa ya karɓo kinin daga likita, ya fara shan kunu. Tsohon ya ce shi ya san kara ba ya kashe kowa, ajali ke kisa, amma je ka gaya wa uwar yaron haka, wadda ta fito ta ga tsawon ɗanta jingine a zaure. Sai ya ɗauki karan ya juya shi, ya bi shi da babban yatsa, ya tsaya a kan wata tsaga.

"Amma wani abu ya ɗaure mini kai. Ni shekara arba'in ina wanga aiki, ban taɓa tsaga kara ba. Tsawo kawai nike ɗauka. Waɗanga tsage-tsage na mine ne?"

Wanda ya san Alkasim ya san an taɓo masa inda yake masa ƙaiƙayi. Ya manta da laifi, ya manta da sufeto, ya matso har gwiwarsa na taɓa ta tsohon.

"Gaɓoɓi ne, Baba! Nan idon sawu, nan gwiwa, nan ƙugu. Kai tsawo kake ɗauka don wanda kake aunawa ya gama motsi. Ni inda mutum ke lanƙwasawa nake nema. A ba ni guntun karan nan na hannu, da wuƙa, da zare mai ƙarfi, da ƙaya guda."

Aka kawo. Ya yanke karan a tsagar gwiwar hannu ya zama biyu, ya haɗa su gefe da gefe, ya soke da ƙayar aduwa, ya bar ɗan guntu ya leƙo ta baya kamar tsinin gwiwar hannu. Ya ɗaura zare ɗaya a gaba, ƙasa da mahaɗin kaɗan, ɗaya kuma a guntun nan na baya, ya ja su duka zuwa sama. Ya miƙa wa Na Allah ya ce ya ja na gaba. Hannun kara ya naɗe. Ya ce ya saki ya ja na baya. Hannun ya miƙe.

"A'a!" in ji tsohon. Ya sake ja. Ya sake. "Kai, ɗan nema! To tura zaren mu gani."

"Ba ya turuwa, Baba. Haka tsoka take. Kawo hannunka."

Jama'a, a gaban mutane Alkasim ya kama wuyan hannun mai wankan gawan Maijirgi, ya ce ya ja kamar yana jan guga, ya kuma ɗora masa nasa yatsun a damtsensa. Wani ɗan dunƙule ya taso ƙarƙashin tsohuwar fatar nan, bai fi ƙwan zabo ba, amma tauri kamar dutse.

"Ka ji zaren gaba? Yanzu tura. Taɓa baya."

Na Allah ya taɓa, ya buɗe baki, haƙoransa uku suka bayyana. "Shekara saba'in ina yawo da abin ga, ba wanda ya gabatar mini da shi!" Sai ya cafke hannun Alkasim. "Kawo naka in ji, mai ilimi. Ja! Ja mana! Wanga ne ƙwanjin? Alli kawai ka iya ɗauka, wallahi."

Zaure ya kwashe da dariya. Kafin a jima kowa ya kama hannun na kusa da shi, wani dattijo na ɗage bisa yatsu yana lalubar sha-raɓarsa, mata na leƙe ta saman danga. Tsohon da kansa ya shiga ba Alkasim darasi: ya ce shi ya san gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya, don in aka yi jinkirin wanka muƙamuƙi da wuya ke fara sandarewa, sannan hannuwa, sannan ƙafafu. Alkasim ya ce haka yake a littafi. Na Allah ya ce to littafin ya yi gaskiya.

Da la'asar ta yi tsohon ya yanke hukunci. Ba a ƙara kwantar da ɗan kowa a ƙasa. Awo a tsaye, kuma gaɓa-gaɓa, hannu daban ƙafa daban, ba tsawon mutum ɗungum ba. Kara kuma ba ya barin makaranta sai an yanke shi ya lanƙwasa. Ya ɗauki dogon karan Gazali ya kakkarya shi a kan kowace tsaga, ya aika wa uwar yaron ta hura wuta. Alkasim ya ce ya ji ya karɓa. Ya yi ta maza ya ce sufeto na zuwa Alhamis, in ba yara aikinsa ya tafi.

"Ni ba maigari ba ne," in ji Na Allah. "Ɗiyan mutane ba nawa ba ne. Tahi dai. Wanga hannun kuwa na riƙe shi."

Talata yara goma sha ɗaya. Laraba goma sha huɗu. Alkasim ya sa su suka yi ta yankan kara suna soke ƙaya. Abin da bai sani ba, tun safiyar Talata Na Allah ya tare a layin awon gyaɗa da hannun karan nan. Duk wanda ya sauke buhu sai ya tare shi, ya ja zare, ya kama masa damtse, ya ba shi labarin zaren gaba da na baya kamar shi ya ƙirƙiro su. In aka ce ai an ce mushen awon gawa ya yi, sai ya ce, "Ni za ka gaya wa awon gawa? Ka taɓa ganin gawa ta yi haka?" Ya ja zare, hannun kara ya naɗe a hancin mai tambaya.

Alhamis da hantsi motar sufeto ta tsaya, ya fito da jakarsa, mutum mai ƙiba wanda bai saba dariya ba. Yara goma sha bakwai ne a gindin gawo. Ya duba rajista, ya duba yaran, ya dubi dirakta. Sufeto ya buɗe baki zai yi magana ke nan sai aka ji ƙugin kamyo, ga wata tsohuwar motar gyaɗa ta kunno kai tana tangaɗi, buhuna har sama, bisa buhunan kuwa kawuna ne birjik, ana ihu ana ɗaga hannu. 'Yan Maijirgi, da na ƙauyukan hanya, da waɗanda aka tsinta a bakin gari! Suka yi ta dirowa tun motar ba ta gama tsayawa ba. A gaba kusa da direba, Na Allah ne da rawaninsa na Juma'a.

Aka ƙirga, talatin da bakwai. Gazali kaɗai babu, yana gida yana murmurewa. Aka raba biyu-biyu, Danda ya tsaya shi kaɗai ba abokin aiki. Kafin Alkasim ya yi wata dabara tsohon ya naɗe hannun riga ya shiga layi.

"Jikana ba shi nan, ni ina nan. Kamo, yaro."

Sufeto ya tambayi ko wane ne wannan. Dirakta ya ce, cikin sanyin nan nasa, wakilin iyaye ne.

Kai, ranar nan darasi ya yi daɗi! Alkasim ya kira tsoka da Faransanci, yara talatin da bakwai su amsa su nuna ta a jikin abokin aiki, gawo na amsawa. Aka ja guga, aka yi daka, aka yi ɗage, aka zana da'ira da ƙafa a cikin yashi don a ga aikin ƙugu. Sufeto ya ajiye alƙalami ya zagayo. Ya tsaya gaban Biba ya tambaye ta me ya sa hannun karanta ke da zare biyu. Ta ce don tsoka ja take yi, ba ta turi, in babu ta baya hannu zai naɗe ya rasa mai miƙe shi. Ya juya ga Danda ya ce ya nuna masa triceps. Danda ya ɗaga hannun Na Allah ya nuna, tsohon kuwa ya ƙanƙame shi yana harare-harare kamar mai shirin shiga fili. Mutumin da bai saba dariya ba sai da ya juya baya yana goge ido. Da zai tafi ya roƙi hannun kara guda ya sa a jaka, ya ce wa Alkasim kada ya kuskura ya nemi sabon hoto.

Haka Alkasim ya zauna a kolej, shekara ashirin da tara, har ya yi ritaya a Tasawa. Bai taɓa zama dirakta ba, bai kuma nema ba. Gyaɗa ta yi zamaninta ta wuce, fari ya zo ya tafi, hotuna masu launi suka iso daga baya ya rataye su don kada a ce ya raina, amma duk bayan kaka sai ka ga yara da damin kara sun nufi gindin gawo. Kuma tun daga shekarar nan, in aka yi rasuwa a unguwarsu, ko ta wane ne, shi ke fara isa. Ranar da Na Allah ya cika, da shi aka ɗauki makara.

Nasa ajalin ya zo yana da shekara saba'in da ɗaya, da safe, bayan 'yar gajeruwar jinya. Gazali, wanda ya yi aikin likita har shi ma ya yi furfura, shi aka ba wanka. Da aka gama aka miƙo masa kara. Ya shimfiɗa shi a jikin malaminsa daga tafin ƙafa zuwa ƙoƙon kai, ya yanke. Masu gina kabari na jira a ƙofa, amma Gazali bai miƙe ba. Danda da ke riƙe da butar ruwa ya ga wuƙar ta koma ƙasa, ta tsaya daidai idon sawu, ta yi 'yar tsaga. Ta hau gwiwa. Ta hau ƙugu.

Wani ya ce, "Malam Gazali, tsawo kawai ake so."

Danda ya ce, hawaye na bin gemunsa, "Ku ƙyale shi ya gama. Saura kafaɗa da wuya."